Amsoshi huɗu duk daidai ne, to wacce zan fara?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Daura ce, ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya a Katsina, kuma saura wata uku mu zauna jarrabawar Kansul, wato hukumar da ke ba da lasisin aikin jinya. Karatu kam Allah ya sani ina yi. In aka tambaye ni alamomin cuta ko aikin wani magani ba na shan wahala. Abin da ke kayar da ni shi ne tambayoyin da ake cewa wane majinyaci za ki fara dubawa, ko me za ki fara yi. Sai in ga amsoshin huɗu duk daidai ne, in zaɓi ɗaya, in duba in ga ba ita ba ce. Kullum da dare ina amsa tambayoyi kusan 100 a waya, in duba makina in kwanta, amma makin ya ƙi motsawa. Bayanin da ake sakawa a ƙarƙashin amsa ba na tsayawa karanta shi, saboda lokaci. Iyayena sun sha ɗawainiya a kan karatun nan, ina tsoron in ba su kunya. Don Allah ki ba ni shawara.

Ɗalibarki daga Daura

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi wa karatunki albarka, ya saka wa iyayenki da alheri.

Daga daren yau ki sauko da tambayoyin nan zuwa 20, in sun yi yawa 25. Lokacin da ya rage miki ki ba bayanin amsa. Maki awo ne kawai, kuma ko sau nawa aka auna gero da tiya ba zai ƙaru ba. Abin da zai ƙaru da shi yana cikin wancan rubutun da ke ƙarƙashin amsa. Amma kafin in nuna miki yadda ake karanta shi, bari mu zauna a kan tambayar kanta, domin sai kin san abin da take nema bayanin zai yi miki amfani.

Idonki bai yaudare ki ba. Mai tsara irin wannan tambaya da gangan yake jero abubuwa huɗu waɗanda duk ma'aikaciyar jinya tana yin su, ko majinyata huɗu waɗanda duk suna bukatarki. Abin da yake son gani shi ne ko kin san wanda jinkiri zai fi yi wa ɓarna. Saboda haka akwai tambaya guda da nake so ki riƙa yi wa kowane zaɓi, ɗaya bayan ɗaya: in na bar wannan na minti 10, me zai same shi? Wani zai ji haushi, wani zai ci gaba da shan azaba, wani kuma za a iya rasa shi. Na ƙarshen nan shi ne amsarki, ko da shi ne ya fi kowa yin shiru a ɗakin.

Jarrabawar da Turanci take zuwa a kwamfuta, don haka ki saba wa idonki da kalmomin da ke nuna cewa tambayar jeri ce: first, initial, priority, immediately. In kika ga ɗayansu, ana tambayarki matakin farko ne, ba matakin da zai warkar da cutar ba. In kuwa best ko most appropriate aka rubuta, ana neman abin da ya fi dacewa gaba ɗaya, wanda ba lallai ne ya zama na farko ba. Ɗalibai da yawa na faɗuwa a nan tun kafin su kai ga ilimin jinyar.

Kin san tsarin ABC: hanyar iska, sannan numfashi, sannan zagayawar jini. Abin da nake so ki riƙe shi ne dalilin jerin, wato saurin kisa. In maƙogwaro ya toshe, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin kamar minti 4 zuwa 6. Numfashin da ya yi rauni yana ba da ɗan lokaci fiye da haka, jinin da ke raguwa a hankali kuma ya fi su ba da lokaci. Bayan waɗannan sai yanayin hayyaci, sai tsaron lafiyar majinyaci kamar hana shi faɗowa daga gado, sai zafin ciwo, sai damuwar zuciya da koyarwa. Wannan ya yi daidai da matakalar Maslow da aka koya muku, inda bukatun jiki ke gaba da sauran.

Sai dai ABC shi kaɗai yana iya kai ki rami, domin ba duk wanda aka ambaci huhunsa ne ke cikin haɗari ba. Dole ki haɗa shi da tambaya ta biyu: abin da aka faɗa game da majinyacin nan, abin da ake tsammani ne ga cutarsa, ko sabon abu ne da bai kamata ya bayyana ba? Bari mu gwada da misali, ki karanta shi a hankali, ki zaɓi amsarki kafin ki wuce.

Kin karɓi aikin safe, an miƙa miki majinyata huɗu. Wa za ki fara zuwa wurinsa?

A. Dattijo ɗan shekara 62 mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, COPD, yana kan iskar oksijin lita 2 a minti, awon oksijin na jininsa, wato SpO2, ya nuna 90%, yana hira da ɗansa.

B. Mace 'yar shekara 35 da aka yi wa tiyatar maƙoƙo awa 6 da suka wuce. Ta ce tana jin bandejin wuyanta ya matse ta, kuma numfashinta yana wata siririyar ƙara duk lokacin da ta ja iska.

C. Saurayi ɗan shekara 19 mai sikila, yana kuka da ciwon ƙafafu, ya ce zafin ya kai 8 cikin 10, lokacin maganinsa ya yi.

D. Magidanci mai ciwon suga, awon sugansa na safe 14 mmol/L, yana jiran allurar insulin kafin ya karya.

Mai bin ABC a makance zai ga kalmar huhu da lamba 90 ya ruga wurin dattijo. Amma ga mai COPD abin da ake nema shi ne SpO2 tsakanin 88 da 92%, to 90 tana cikin gida. Ga kuma shaida ta biyu da aka ajiye miki a fili: yana hira. Wanda ke iya jera magana yana da iskar da ta ishe shi a wannan lokacin. Matsalarsa tsohuwa ce kuma tana zaune wuri guda.

Mai tausayi zai tafi wurin saurayin, kuma ba na ganin laifin wannan zuciya, domin ciwon sikila azaba ne na gaske, ba a wasa da jinkirin maganinsa. Shi ne ma zai zama na biyu a jerina. Amma ciwon ƙashi shi ne abin da ake tsammani a tashin sikila, ba a kuma ambaci zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko wahalar numfashi ba. In kika bar shi na minti 10 zai sha wuya, amma za ki dawo ki same shi.

Magidancin nan sugansa ya hau, gaskiya ne, sai dai yana cikin hayyacinsa, an san matsalar, an kuma rubuta maganinta. Suga 14 ba ya yin ɓarna cikin minti 10.

Saura matar. Bayan tiyatar maƙoƙo abin da aka fi tsoro a awannin farko shi ne jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki ya danne maƙogwaro. Jin matsewa a wuya alama ce ta farko, wannan ƙarar da ke fita wajen jan iska kuwa, wadda za ki gani a rubuce da sunan stridor, tana nufin hanyar iska ta riga ta fara ƙuntata. Sabon abu ne, ba a tsammaninsa, kuma a kan harafin A yake. Ita ce amsa. A aikace ba za ki bar gefenta ba: za ki ɗaga kan gadon, ki sa mata oksijin, ki aika a kira likita da gaggawa, ki duba wuyan har bayansa inda jini ke gangarawa, ki jawo kayan kwance ɗinki da na buɗe maƙogwaro waɗanda dama ya kamata a ce suna ajiye kusa da gadonta.

Yanzu ga wasan da nake so ki koya, domin shi ke raba wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Ki ɗauki tambayar nan ki canja mata magana ɗaya ko biyu, ki ga ko amsar za ta tashi daga inda take. A ce matar ba ta da ƙarar numfashi, muryarta ce kawai ta ɗan dushe, tana jin zafi in ta haɗiyi miyau. Wannan abu ne da aka saba gani bayan irin tiyatar, za a ci gaba da lura da shi amma ba ya hana ki fara zuwa wani gadon. A ce kuma saurayin mai sikila yanzu ƙirjinsa ke ciwo, jikinsa ya yi zafi, yana numfashi da sauri, SpO2 ɗinsa ta sauka zuwa 89%. Nan take ya koma na farko, domin hoton acute chest syndrome ke nan, wato tashin sikila da ya taɓa huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila. Ki lura da kyau, lambarsa 89 ba ta da nisa da 90 ta dattijon, amma ma'anarsu ta sha bamban, saboda ga ɗaya halinsa ne na kullum, ga ɗayan kuwa sabon faɗuwa ne.

Ko kuma a bar kowa cikin kwanciyar hankali, a ce magidancin an riga an yi masa insulin, abinci bai iso daga gida ba, yanzu yana gumi, hannunsa na rawa, maganarsa ta fara rikicewa, awo ya nuna 2.8 mmol/L. Duk abin da ya gaza 3.9 faɗuwar suga ne, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da rumbun ajiyar suga da za ta jira da shi. Shi za ki fara. In yana iya haɗiya lafiya a ba shi kimanin giram 15 na suga mai saurin shiga jiki, a sake awo bayan minti 15. In hayyacinsa ya gushe ba a zuba masa komai a baki, ta jijiya ake bi. Kin ga daga tambaya guda kin fitar da uku, kuma a kowace kin san abin da ya motsa amsar.

Kashi na biyu na irin waɗannan tambayoyi majinyaci ɗaya ne, ayyuka huɗu. A nan an koya muku cewa dubawa tana gaba da aiwatarwa, kamar yadda matakan aikin jinya suka jeru. Haka ne a mafi yawan lokuta. Misali, mutum ya fito daga tiyata da robar fitsari, awa 2 ba abin da ya sauka a jaka, alhali ana sa ran babban mutum ya ba da aƙalla kimanin mil 30 a awa. Zaɓin da aka ba ki: kiran likita, ƙara gudun ruwan da ake ƙara masa, duba robar da taɓa mararsa, ko rubutawa a fayil. Dubawa ce ta farko, domin har yanzu ba ki san ko ƙoda ce ba ta tace fitsari ko robar ce ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa ba. In kika kira likita hannu rabbana, tambayar da zai fara yi miki ita ce wadda ba ki duba ba.

Amma wannan doka tana da iyaka, kuma masu tsara jarrabawa sun san ɗalibai na haddace ta, shi ya sa suke ɗana tarko a kanta. Ga mace ana yi mata ƙarin jini, minti 10 da farawa sai ta fara rawar sanyi, ta ce bayanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi. Zaɓi: auna zafin jiki da hawan jini, sanar da likita, tsayar da ƙarin jinin, ko ba ta farasitamol. Ɗaliba mai riƙe da "a fara dubawa" za ta ɗauki awo. Kuskure ne. An riga an yi miki dubawar a cikin tambayar, alamomin sun isa a zargi cewa jikinta yana faɗa da jinin, kuma kowane ɗigo da ya ƙara shiga ƙarin guba ne ga ƙodarta. Sai ki rufe jinin tukuna. Bayan haka ki riƙe jijiyar a buɗe da ruwan gishirin asibiti, 0.9% NaCl, ta sabuwar roba, domin tsohuwar cike take da jinin da kike gudu, in kika tura ruwa ta cikinta kin tura mata ragowarsa. Sannan awo, sannan likita da ɗakin ajiyar jini, a mayar da ledar da robarta don bincike. Abin da za ki tambayi kanki shi ne: bayanin da ke hannuna ya isa in san haɗarin? In bai isa ba, ki duba. In ya isa kuma abin da ke cutar da majinyacin yana ci gaba a gabanki, ki tsayar da shi.

Shi ma ABC yana da wuraren da ake juya shi. In zuciya ta tsaya, tun shekarar 2010 ƙa'idar farfaɗo da zuciya ta Amurka, wadda ake koyarwa a wurare da dama, ta koma CAB, ana fara danna ƙirji. Haka nan wanda jini ke tsartuwa daga babbar jijiyarsa bayan haɗarin mota, tsayar da jinin ake fara yi. Dalilin bai canja ba, abin da ya fi saurin kisa shi ake tara.

Akwai wani abu da ke rikita ɗalibanmu musamman, kuma na fi ganinsa ga masu ƙwazo a ɗakin majinyata. Kin yi aikin koyo a asibitocinmu, kin ga dare da nas guda ke riƙe da ɗaki cike, kin ga ana jiran dangi su sayo magani, kin ga tukunyar oksijin da babu komai a ciki. Sai ki shiga jarrabawa da wannan idon, ki ce ai ba za a samu kaza ba, bari in zaɓi abin da ake yi a zahiri. Asibitin da ke cikin tambaya yana da komai: ma'aikata, kayan aiki, magani, likita a kusa. Ki amsa da abin da littafi ya ce a yi. Kada kuma ki ƙara wa tambaya labarin da ba a rubuta ba. Da zarar kin ji kanki kina cewa "to in kuma dattijon nan ya rikice fa", kin bar tambayar da aka yi miki kin koma wadda kika ƙirƙira.

To, yanzu bayanin amsa, wanda a manhajoji za ki gan shi da sunan rationale.

Aikin yana farawa ne kafin ki buɗe shi. Duk tambayar da kika amsa, ki rubuta harafin da kika zaɓa a takarda, a gefensa kuma ki rubuta dalilinki a layi ɗaya, da Hausa ko da Turanci, duk wanda ya fi zo miki da sauri. Ki sa wata 'yar alama in ba ki da tabbas. Wannan layin shi ne ginshiƙin komai. In ba ki rubuta shi ba, da kin karanta bayanin zuciyarki za ta ce miki ai dama na sani, alhali ba da wannan tunanin kika zaɓi amsar ba. Rubutu ba ya barin mutum ya ruɗi kansa.

In kin gama guda 20 ɗin, sai ki koma kansu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda kika ci. Ki karanta dalilin amsar da ke daidai, ki gwada shi da naki. Sannan ki karanta dalilin da ya sa aka ƙi sauran ukun, domin a tambayar jeri a nan yawancin ilimin yake. A misalinmu na sama, sanin cewa 90% ba abin tsoro ba ne ga mai COPD yana cikin bayanin amsar da ba daidai ba, kuma gobe shi ne zai iya zama kan wata tambayar. Tambayar da kika ci da dalilin da bai yi daidai da na bayanin ba, ko kika ci da canka, ki lissafa ta cikin waɗanda kika faɗi. Sa'a ce ta ba ki ita, ba kuma ki da tabbacin za ta sake ba ki ranar jarrabawa.

Ki samu littafin rubutu guda ki keɓe shi don wannan. Kada ki kwafe bayanin a ciki, kwafa aikin hannu ne, kai ba ya shiga. Ga yadda shafi zai kasance in da saurayin kika zaɓa a tambayarmu. Layi na farko: na zaɓi mai sikila saboda zafin ciwonsa 8 ne kuma yana kuka. Na biyu: na karanta ƙarar numfashin matar amma ban ba ta nauyi ba. Na uku, dokar da kika fitar da bakinki: ƙarar jan iska bayan tiyatar wuya toshewar maƙogwaro ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma tana gaban kowane zafin ciwo. Na huɗu: amsata za ta zama daidai in da matar ba ta da wannan alama, ko in da shi yana da ciwon ƙirji da faɗuwar oksijin. Layi huɗu ke nan, minti 3 sun isa.

A gefen kowane shafi kuma ki rubuta irin kuskuren, saboda maganinsu ba ɗaya ba ne. Wani rashin sani ne tsagwaron, kamar a ce ba ki san iyakar faɗuwar suga ba. Wannan ga littafin karatu zai mayar da ke, ki karanta wannan sashen kaɗai a daren, ba babin gaba ɗaya ba. Wani kuskuren karatu ne, kin tsallake first ko except, ko ba ki lura da "awa 6 bayan tiyata" ba. Maganinsa ki riƙa karanta layin ƙarshe na tambaya sau biyu kafin ki kalli zaɓin. Na uku shi ne kin san komai amma kin jera ba daidai ba, kuma daga yadda kika kwatanta kanki ina kyautata zaton a nan yawancin naki za su taru. Shi wannan ƙarin karatun littafi ba ya gyara shi, sai wasan canja magana da na nuna miki. Bayan mako biyu ki ƙirga alamomin gefen shafukan, za su gaya miki inda za ki zuba ƙarfinki.

Tambayoyin da kika faɗi ki sake amsa su bayan kwana 3, sannan bayan kamar mako 2, ba tare da kallon littafin ba. In kin tuna harafin amma kin kasa faɗin dalilin da ya sa sauran ukun suka faɗi, ba ki ci ba tukuna. In kina da ƙawaye biyu ko uku masu himma, ku riƙa zama bayan la'asar ko da sau biyu ne a mako da tambayoyi 5 kacal. Kowace ta faɗi zaɓinta da hujjarta kafin a buɗe amsa, sannan a ba wadda ta ci aikin kare amsar da aka ƙi: ta faɗi abin da za a canja a tambayar har ta zama daidai. Wannan zaman zai taimake ki har a OSCE, jarrabawar gwajin aiki da hannu, inda mai jarrabawa ke tsaye yana kallon abin da hannunki ya fara taɓawa.

Dole in ja kunnenki a kan inda kike samo tambayoyin. Tsofaffin tambayoyin da ke yawo a WhatsApp, waɗanda wasu suka rubuto daga abin da suka tuna, da yawansu amsa kawai suke ɗauke da ita babu bayani, wasu amsoshin ma ba daidai ba ne. Bayani nagari yana da alamomi: yana faɗin abin da ke faruwa a jikin majinyaci, yana bin zaɓi huɗun duka, lambobinsa kuma sun yi daidai da na littafinku. Wanda ya ce amsa B ce saboda B ita ta fi muhimmanci bai gaya miki komai ba. In amsar da aka bayar ta saɓa wa hujjar da kike iya karewa, kada ki haɗiye ta don an buga ta, kada kuma ki yi watsi da ita don ta ɓata miki rai. Ki buɗe littafin da makarantarku ke koyarwa da shi. In bai warware ba, ki kai wa malaminku tambayar tare da dalilinki a rubuce. Malami ya fi jin daɗin ɗalibar da ta zo da hujja a kan wadda ta zo tana neman harafi.

Yawancin manhajojin da ke da bayani mai kyau an yi su ne don NCLEX, jarrabawar lasisin jinya ta Amurka da Kanada, wadda ta cika da tambayoyin jeri. Suna da amfani ƙwarai wajen horar da tunani, amma ki san bambancinsu da namu. Suga a Amurka da mg/dL ake rubuta shi, sai ki raba da 18 ki samu mmol/L, wato 54 ta zama 3, 252 ta zama 14. Zafin jiki kuma 100.4°F shi ne 38°C. Tambayoyinsu na raba aiki tsakanin ma'aikata an gina su ne a kan matakan ma'aikatan can, kada ki ɓata dare a kansu. Sannan ba za ki samu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amai da gudawa, sanƙarau ko tamowa yadda suka kamata ba, alhali su ne cututtukan da ke cika gadajenmu a Katsina da Daura, kuma jarrabawar NMCN, wato Kansul ɗinku, ta ƙasar nan ce. Waɗannan ki haɗa musu tambayoyin jeri da kanki ke da ƙawayenki: yara huɗu a ɗakin gaggawa, ɗaya yana jijjiga, ɗaya idanunsa sun faɗa saboda gudawa har ba ya iya sha, ɗaya zazzaɓi kawai yana shan nono, ɗaya ƙuraje. Ku jera su, ku kare jerin, ku kai wa malami ya duba. Kada kuma ki saki karatun da kika riga kika ƙware a kai, domin tambayoyin sani kai tsaye suna nan a jarrabawar, kuma makinki ne a hannu.

Game da lokaci, tambayoyi 20 za su ci miki kamar minti 25 zuwa 30 tare da rubuta dalili, bitarsu kuma awa ɗaya ko fiye a farkon farawa. A makonni biyun farko makinki zai iya zama inda yake, har ma ya yi kamar ya ragu tunda yanzu ba ki lissafa na canka. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Lambar da za ki riƙa bi ita ce: a cikin 20, guda nawa ne dalilina ya zo ɗaya da na bayanin? In ta kai 15 ko 16 dare bayan dare, sai ki ƙara yawan tambayoyin zuwa 40, ki daina rubuta dalili sai ga waɗanda kike shakka. A watan ƙarshe ki ware rana guda kowane mako ki zauna gaban kwamfuta, ba waya ba, ko a ɗakin kwamfutar makarantarku ne, ki amsa jeri mai tsawo da agogo a gabanki ba tare da tashi ba. Washegari kada ki taɓa sabuwar tambaya ko ɗaya, ranar ta bitar bayanin na jiya ce.